Yadda malami zai tafiyar da aji mai ɗalibai fiye da ɗari da allo ɗaya

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 35 a makarantar firamare, amma a makarantun gwamnati da dama malami kan tarar da yara fiye da ɗari a gabansa. Idan ɗalibai 120 ne, darasi kuma minti 40, rabon kowane yaro daƙiƙa 20 ne kacal. Saboda haka bin ɗalibai ɗaya bayan ɗaya ba zai yiwu ba, sai dai a tsara ajin tun kafin a fara darasi.

A ɗauki misalin aji uku mai ɗalibai 120 da littattafan lissafi 20, inda za a koyar da ɗebewa mai aro.

Matakin farko shi ne raba yaran rukuni 20, mutum shida-shida, kowane rukuni da littafi ɗaya da shugabansa. Rukunin zai tsaya haka har ƙarshen zango, a gauraya masu ƙoƙari da masu rauni. Yaran za su zauna a gefe ɗaya na littafin, domin wanda ya zauna a ɗaya gefen a juye zai ga rubutun. Wannan tsari ba baƙo ba ne, don a makarantar allo ma manyan almajirai ne ke biya wa ƙanana karatu.

Kiran suna 120 kan cinye kusan minti shida. Idan shugabannin rukuni suka faɗi waɗanda ba su zo ba, minti uku ya wadatar. Haka kuma a bar hanya a tsakiyar aji da malami zai bi har bangon baya, a riƙa sauya wurin zama duk mako don kada wasu su dawwama a ƙurya.

Allo kuwa a raba shi gida uku. A hagu a rubuta misalin da aka warware, kuma ba za a goge shi ba sai darasi ya ƙare, domin shi ne littafin wanda littafi bai kai gare shi ba. Tsakiya wurin bayani ne, dama kuma wurin aikin da yara za su yi. Malami ya rubuta gefunan biyu kafin a shiga aji, sannan ya koma layin ƙarshe ya duba ko yana iya karantawa.

Bayan minti ukun farko, malami zai yi minti goma yana warware 43 − 17 a allo, yana nuna yadda ake aro daga gidan goma-goma. Sai rukunoni su yi minti 15 suna aiki daga littafi, shi kuma yana zagayawa, yana farawa daga baya.

Babban abin da ke ruɗar malami a irin wannan aji shi ne amsar baki ɗaya. Idan ya tambayi ko an gane, ajin zai ɗauka da “e”, alhali yara kaɗan ne a gaba suka fara, sauran suka bi. Maganinsa shi ne a ware minti takwas don gwaji a rubuce. Malami ya rubuta 52 − 28, kowane yaro ya rubuta amsa da manyan lambobi a littafinsa, sannan a ɗaga layi-layi.

Amsar daidai ita ce 24. Wanda ya rubuta 36 bai yi aro ba, ya cire 2 daga 8 ne kawai. Wanda ya rubuta 34 ya yi aro, amma ya manta bai rage 5 ta koma 4 ba. Da kallo ɗaya malami zai san kuskuren da ya fi yawa da inda ya taru. Idan rukuni guda duk sun kawo amsa ɗaya marar kyau, alama ce shugabansu ne bai gane ba, ko kuma kwafa suke yi. Minti huɗun da suka rage na gyara ne da ba da aikin gida.

Duba littattafan rubutu 120, ko da rabin minti kowanne, awa guda ne. Idan malami ya karɓi na rukuni huɗu a kullum, wato littattafai 24, zai ga aikin kowane yaro sau ɗaya a mako.

Sai dai tsarin yana da iyaka. Shugaban rukuni yaro ne, don haka dole malami ya gwada shi kafin darasi, ya kuma riƙa sauya shi, ba tare da ba shi ikon duka ba. Yaron da ba ya gani ko ji sosai, wurinsa layin gaba ne koyaushe. Wanda kuma bai iya karanta lambobi ba tukuna, zaman rukuni ba zai fitar da shi ba. Irinsa yana buƙatar malami ya keɓe masa lokaci, kuma wannan lokacin ne ba ya samuwa sai an ƙara azuzuwa da malamai.