Yadda Ake Sanin Tsawon Lamba Ba Tare Da An Rubuta Ta Ba

A ce an jera lamba 2 har sau 100, ana ninka kowace da ta gabanta, wato 2^100. Alƙaluma nawa amsar za ta ƙunsa? Ba sai an zauna yin ninkin ba. Logaritim na goma, wanda ɗalibai ke dubawa a teburin lissafi tun suna sakandare, shi ke ba da amsa.

Aikin logaritim shi ne ya faɗi sau nawa za a ninka 10 kafin a kai ga wata lamba. Na 100 shi ne 2, na 1,000 kuwa 3. Duk lambar da ke tsakanin 100 da 999 alƙaluma uku gare ta, logaritim ɗinta kuma 2 ne, ko 2 da ɗoriya, bai kai 3 ba. Daga nan ƙa'idar ta fito: a nemo logaritim, a yar da abin da ke bayan ɗigo, a ƙara 1.

Logaritim na 2 kusan 0.30103 ne. Tunda sau 100 aka jera ta, sai a ninka shi da 100, a sami 30.103. A yar da ɗoriyar, saura 30, a ƙara 1. Ke nan 2^100 tana da alƙaluma 31.

Inda ake tuntuɓe shi ne idan lamba ta yi girma ainun. A watan Oktoba na 2024, Luke Durant na shirin GIMPS ya gano 2^136279841 − 1, lambar da babu abin da ke raba ta daidai sai 1 da ita kanta. Cire 1 ɗin bai rage mata tsawo ba, domin hakan sai ga irin su 1,000, kuma ninkin 2 ba ya taɓa faɗawa a kansu.

Idan aka ninka 136,279,841 da 0.30103, za a sami 41,024,320.5, wato alƙaluma 41,024,321. Wannan amsa kuskure ce! Ainihin logaritim ɗin 0.30102999566 ne da 'yan kai. Taƙaita shi aka yi ta hanyar ɗaga shi sama kaɗan. Ɗan ƙarin nan da ido ba ya gani, da aka ninka shi sau miliyan 136, ya haura rabi, ya tura amsar ta tsallake iyaka. Da cikakken adadin, 41,024,319.9 ake samu, tsawon lambar kuwa 41,024,320. Wanda ya dogara da 0.3010 na teburin makaranta, shi kam zai yi asarar alƙaluma sama da 4,000.

Abin da ya fi damuna da wannan kuskure shi ne ba ya nuna kansa. Ɗoriyar .5 tana tsakiya, nesa da iyaka, sai mutum ya saki jiki. Saboda haka tun kafin a fara ninki ake duba tsawon adadin da za a ninka da shi. A nan alƙaluma tara ne, don haka logaritim na buƙatar fiye da tara a bayan ɗigo. Idan kuma ɗoriyar ta fito dab da 0 ko dab da 1, a ƙaro alƙaluma a sake lissafin.