Kwana 90 da takardar mai masauki: abin da ɗalibin Gazawa zai sani kafin istaj a waje

A ɗauki misalin ɗan Gazawa da ke karatun aikin gona a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi. Shekararsa ta ƙarshe ta zo, kuma sai ya yi istaj, wato zaman koyon aiki, kafin ya rubuta kundinsa. Wurare biyu sun amsa masa: tashar IITA ta Kano, inda ake binciken wake, da cibiyar IRD ta Montpellier a Faransa, inda ake nazarin gero. Tambayar farko da ya kamata ya yi wa kowannensu ita ce kwana nawa zai yi, domin a kan kwana 90 dokokin suke rabuwa.

Ta Kano ta fi sauƙi. Yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ta ba ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiyar damar zama kwana 90 ba tare da biza ba, muddin yana da takardar tafiya mai aiki da katin rigakafi. Nijar ta fice ranar 29 ga Janairun 2025, amma ƙungiyar ta ce ’yan Nijar za su ci gaba da shige da fice har sai an yi sabuwar sanarwa, don haka a bincika kafin a tashi. Mutumin Gazawa, Agye ko Gidan Rumji ya saba ƙetara iyaka ya ci kasuwa ya dawo, to amma ɗalibi kada ya bi wannan sabo. Ya tsaya a Jibiya a buga masa hatimin shiga, saboda da shi ake ƙirga kwanakin, kuma idan zaman zai zarce wata uku, da shi da wasiƙar tashar IITA zai nemi katin zama a hukumar shige da fice.

Faransa kuwa komai na rataye ne a kan takarda guda mai suna convention de stage. Ɓangarori uku ke sa mata hannu: ɗalibin, jami'arsa, da mai masauki. Wasiƙar da wani malami ya aiko yana cewa a zo ana maraba ba ta maye gurbinta, kuma nan ne ɗalibai suke yawan yin tuntuɓe. Dole ta nuna ranar farawa da ta gamawa, aikin da za a yi, awowin mako, sunan mai kula da ɗalibin, da alawus. Dokar Faransa ta wajabta alawus idan istaj ya wuce wata biyu, kuma ta hana ya wuce wata shida a wuri ɗaya cikin shekarar karatu guda.

Idan wata biyu zai yi, bizar Schengen ta gajeren zama ta ishe shi, tare da inshorar lafiya mai ɗaukar nauyin yuro 30,000. Idan wata biyar ne, daga Maris zuwa Yuli, sai ya nemi bizar dogon zama mai alamar stagiaire. Kafin nan mai masauki ne zai miƙa yarjejeniyar ga hukumomin Faransa su amince, aƙalla wata biyu kafin ranar farawa. Ke nan takardar ta bar hannunsu tun farkon Janairu, sa hannun Maraɗi kuwa a gama shi a Disamba. Za a kuma nemi shaidar kuɗin zama. Adadin da aka daɗe ana nema shi ne yuro 615 a wata, kimanin jaka 403 na sefa. Bayan isa, yana da wata uku ya tabbatar da bizar ta intanet.

Akwai wani cikas da ya shafi ’yan Nijar musamman. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun Janairun 2024, alhali ofisoshin bizar Faransa da ke wasu ƙasashe galibi mazauna yankinsu suke karɓa. Ya kamata ɗalibin ya roƙi ofishin hulɗa da waje na cibiyar ya rubuto masa inda za a karɓi takardunsa, tun kafin ya kashe ko dala a kan tikiti.

Da takardun sun iso, ya ɗora su kusa da fasfonsa ya duba harafi bayan harafi. Idan fasfo ya ce Mahamadou, yarjejeniya ta ce Mamadou, ko ranakun wasiƙar masauki suka saɓa da na yarjejeniyar, a mayar a gyara kafin a kai ofishin biza. Ya nemi shaidar wurin kwana mai adireshi, da bayanin wanda zai ɗauki nauyi idan ya ji rauni a gona ko ɗakin gwaji.

A ranar sallama kuma ya karɓi attestation de stage, wadda ke nuna tsawon zaman da jimlar alawus, tare da takardar kimantawa da mai kula da shi ya sa wa hannu. Su ne jami'a za ta duba kafin ta lissafa masa zaman, kuma karɓarsu hannu da hannu ya fi bin su da saƙo daga Gazawa sauƙi nesa ba kusa ba.