Buhu Nawa Za a Auna Kafin a San Saɓanin Na'ura?

Buhun siminti da aka rubuta wa kilo 50 ba kasafai yake cika kilo 50 cif ba. Wani ya ɗara, wani ya gaza. Masana ƙididdiga suna da lamba ɗaya da ke nuna girman wannan hawa da sauka, wato ma'aunin saɓani, wanda ke faɗin yadda nauyin buhuna yake nisa da matsakaicinsu. Na dukkan buhunan da na'ura ke cikawa ana rubuta shi σ, na 'yan kaɗan da aka ɗiba aka auna kuma s. Tunda ba mai iya auna kowane buhu, da s ake kintatar σ, a ba da iyaka ta ƙasa da ta sama. Wannan ita ce tazarar amincewa. Idan an ce ta kashi 95 ce, ana nufin a cikin tazara ɗari da aka gina ta wannan hanya, kusan 95 za su kama σ na gaskiya.

A ɗauka an auna buhu 10, s ya fito giram 200. Ana samo iyakokin daga jadawalin χ², rabon da Bajamushe Friedrich Helmert ya fitar a 1876. Layin da ake dubawa shi ne yawan samfuri a cire ɗaya, wato 9, inda ake samun 2.70 da 19.02. A raba 9 da kowace, a ɗauki tushen murabba'i, a ninka da 200. Amsa ita ce giram 138 zuwa 365. Wannan tazara ta yi faɗin da ba za a yanke hukunci da ita ba, domin na'ura mai kyau da wadda ke neman gyara duk suna cikinta. Ba ta kuma daidaita ba: ta sauka da 62 kawai, amma ta hau da 165. Ƙaramin samfuri ya fi saurin ɓoye saɓani fiye da zuzuta shi, saboda buhunan da suka kauce sosai ba su cika faɗowa cikin goma ba.

Da buhu 30, s na nan a 200, tazarar za ta koma 159 zuwa 269. Da buhu 100, 176 zuwa 232. Tana tsukewa, amma a hankali ƙwarai.

Mai tsara bincike daga ƙarshe yake farawa. Yakan tsayar da kuskuren da zai iya jurewa, a matsayin kaso na σ, ya kira shi d, sannan ya yi wannan kintace na amincewar kashi 95:

```
n ≈ 1 + (1.96/d)² / 2
```

Wanda ya yarda da kuskuren kashi 20 cikin ɗari zai auna buhu 49 ko kusa da haka. Mai son kashi 10 yana buƙatar kusan 193, mai son kashi 5 kuwa kusan 769. Rage kuskure da rabi yana ninka aiki sau huɗu. Lissafin bai nemi a san σ tun farko ba, kuma wannan babban sauƙi ne. Da yake kintace ne, ya kamata a koma jadawalin χ² a gwada lambar da ta fito, musamman idan ba ta kai ɗari ba.

Wajibi ne a fayyace abin da ake nema, σ ne ko murabba'insa σ². Kuskuren kashi 5 a kan σ yana zama kusan kashi 10 a kan σ², don haka mai neman σ² cikin kashi 10 buhu 769 ɗin nan zai auna, ba 193 ba.

Babban tarkon yana cikin sharaɗin da aka gina komai a kai: cewa nauyin buhunan yana bin rabo mai siffar ƙararrawa, yawanci a tsakiya, kaɗan a gefe biyu. A wajen kintatar matsakaici, yawan samfuri yakan rufe aibin karya wannan sharaɗi. A wajen saɓani ba ya rufewa. Idan bakin na'ura yakan toshe jefi-jefi ya fitar da buhu mai ƙarancin kilo biyu, gefen rabon ya yi kauri, kuma tazarar da ake kira ta kashi 95 za ta riƙa kuskure fiye da yadda aka zata, ko da an auna dubu. Akwai lambar da ke auna kaurin gefe, κ, wadda take 3 a rabon ƙararrawa. Gyaran shi ne a ninka yawan samfuri da (κ − 1)/2, a kuma faɗaɗa tazarar daidai da haka. Idan κ ta kai 5, buhu 193 sun zama kusan 386.

Ana gane matsalar ta hanyar zana awon farko a takarda: 'yan ɗigo da suka ware can nesa, ko tudu biyu maimakon ɗaya, alama ce. Tudu biyu yakan nuna bakunan na'ura biyu da saitinsu ya bambanta. Ɗibar buhuna a jere daga baki ɗaya cikin awa ɗaya kuwa tana ƙanƙanta s, don haka a warwatsa ɗiban a kan dukkan bakuna da lokutan aiki na dare da rana.