Wanke kambas da sandal ba tare da gam ya saki ba

A gidaje da yawa, wankin takalman 'yan makaranta aikin ranar Asabar ne. Akan cika bokiti da ruwa, a zabga omo, a jiƙa kambas tun safe har azahar, sannan a wulla shi kan rufin kwano ya sha rana. Takalmi yakan fito fes. Bayan wanki kaɗan kuma sai ya wage baki daga gaba, a ce ai kayan zamani ne ba su da ƙwari.

Sau da yawa laifin na mai wankin ne. Galibin kambas da sandal na kasuwa da gam aka manne tafinsu, kuma a masana'anta sai an ɗumama gam ɗin ya yi laushi kafin a danne tafin da saman takalmin. Zafin da ya haɗa su shi ne kuma yake iya raba su. Kwanon rufi a Kano ko Maraɗi cikin watan Afrilu ba ya taɓuwa da hannu, balle ruwan zafin da wasu ke zubawa wai don ya kashe wari. Doguwar jiƙa ma illa ce, domin ruwa yana bin bakin manni ya shige a hankali, wani gam ɗin kuma danshi ne ke ruɓar da shi. Fetur, kananzir da tina kuwa narkar da gam suke yi kai tsaye, ko da tabon mai kawai aka so cirewa.

Shi warin, ba gumi ne tsagwaronsa ba. Gumi kusan ba shi da wari sai ƙwayoyin bakteriya na fata sun samu ɗumi da laima sun ci shi tare da matacciyar fata. Mafi yawan wannan dauɗar tana kan shimfiɗar ciki da wajen yatsu, can ya kamata ƙarfin wanki ya tafi.

A ɗauki farin kambas na ɗan firamare. Da farko a zare igiya, a ciro shimfiɗar ciki idan mai fita ce. Idan manne take, a ƙyale ta. A kakkaɓe busasshiyar ƙasa da buroshi tun kafin ruwa ya taɓa, don kada ta zama taɓo ta shige zare. A dama ƙaramin cokali ɗaya na omo a cikin lita ɗaya ta ruwan sanyi, a riƙa tsoma tsohon buroshin haƙori ana goge takalmin ciki da waje. Idan an zo inda yadi ya haɗu da roba, a bi tsawon layin, kada a cusa buroshi ƙarƙashinsa. Igiya da shimfiɗar da aka ciro a wanke su daban. Ɗauraya ta zama mai sauri amma sosai, saboda ragowar omo ce ke barin rawayan tabon nan bayan bushewa. Bilic ma yakan mayar da farin yadi rawaya, ya kuma cinye zaren.

Kada a murɗe. A danna da tawul, a cusa farar takarda ta tsotse ruwa (tawadar jarida tana zuba), a jingine shi a inuwa inda iska ke kaɗawa. Da hunturu yini guda ya isa. Da damina yakan kai kwana biyu, sai a haɗa da fanka. A zura hannu har wajen yatsu a taɓa: in da sauran sanyin danshi, bai bushe ba, kuma sa shi a haka warin zai dawo tun kafin a tashi makaranta.

Idan wari ya ƙi tafiya, a zuba babban cokali biyu na bekin soda a tsohuwar safa, a ƙulle, a kwanar da ita cikin takalmin. Ana kuma iya haɗa binega da ruwa daidai wa daida a shafa ciki da tsumma, amma kada ya taɓa haɗuwa da bilic, hayaƙinsu guba ne. Turare kuwa rufe wari kawai yake yi, haɗin ma ya fi tayar da zuciya.

Sandal aikinsa kaɗan ne. Baƙin shatin ƙafar da ke kansa shi ne gidan wari, kwaɓin bekin soda da buroshi sun ishe shi, sai a share da jiƙaƙƙen tsumma. Na fata ba ya son ɗauraya sam. Na roba mai laushi kuma yakan tsuke ya lanƙwashe idan an bar shi a rana ko cikin mota a rufe.

Bayan ya bushe, a lanƙwasa takalmin a duba gefe. In an ga baki ya fara buɗewa, a kai wa shumeka tun ƙura ba ta shiga ba, domin sabon gam ba ya kama wuri mai datti ko laima. Sai ya kankare tsohon, ya shafa wa ɓangarorin biyu, ya bari ya sha iska, sannan ya danne.