Ɗakin Matarsa ta Biyu ko na Biyu?

Kwanakin baya na tsaya a rumfar wani mai rubuta alluna, na tarar yana gama fentin allon wata makaranta. Da manyan baƙaƙe ya rubuta: "Kwalejin Kimiyya na 'Yan Mata". Na ce masa, "Maigida, ai ta ya kamata ka sa a nan." Ya ajiye burushi, ya dube ni ya ce, "Haba Malam, ba ka ga kwalejin aka ce ba? Da kwalejir aka ce, sai in sa ta." Na yi dariya, amma a hanyar komawa gida na ga cewa mutumin yana da hujjarsa. Akwai ƙa'idar da ya bi, sai dai ba a wurinta ya yi aiki da ita ba. Kuma masu digiri da yawa suna faɗa wa wannan ramin.

Mu fara daga abin da kowa ya sani. Kowane suna tilo a Hausa namiji ne ko mace, ko da kuwa ba shi da rai. Gida namiji ne, kasuwa mace ce. Idan za a jingina suna ga wani, sai a sa ɗan ƙaramin harafi a tsakaninsu, wanda malaman nahawu ke kira nasaba. Doguwarta ita ce na da ta: gida na Audu, kasuwa ta Kurmi. Gajeruwarta kuwa tana manne da ƙarshen kalma: gidan Audu, kasuwar Kurmi. Wannan n ɗin na ce aka datse, r ɗin kuma ta ce ta rikiɗe. Jam'i ba ya da wahala ko kaɗan, domin kullum na yake ɗauka, ko na maza ne ko na mata: motoci na haya, kujeru na roba, 'yan mata na unguwa.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne inda harafin yake kallo. Baya yake kallo, wajen abin da ake magana a kansa, ba ruwansa da wanda ya mallaki abin. Shi ya sa muke cewa riga ta Audu, ko da yake Audu namiji ne, mu ce zane na Binta, ko da yake Binta mace ce. A cikin naka da taka, da naki da taki, aiki biyu ake yi a kalma guda: gaɓar farko tana nuna jinsin abin, ta biyu tana nuna mai shi. Wanda ya ce wa mace "motar nan taki ce" ya dace sau biyu.

To, ina mai allo ya kauce? Akwai sunaye mata waɗanda ba su ƙare da wasalin a ba. Mace kanta tana cikinsu, haka gwamnati da kwaleji, da sunayen garuruwa irin su Kano da Maraɗi, kuma mafi yawan marubuta haka suke ɗaukar kotu. Irin waɗannan kalmomi ba sa karɓar r a ƙarshensu, sai n, domin r ta fi son zama bayan a. Saboda haka ake cewa gwamnatin Kano, kwalejin ilimi, kotun ƙoli. Amma wannan n ɗin aron riga ne kawai, bai mai da kalmar namiji ba. Da zarar an zo doguwar nasaba sai jinsin gaskiya ya bayyana: Kwalejin Ilimi ta Tarayya, Kotun Ƙoli ta Najeriya. Bakano ma ya san haka a bakinsa ko bai taɓa shiga ajin nahawu ba, domin yakan ce Kanon Dabo, ya kuma ce Kano ta Dabo, bai taɓa cewa Kano na Dabo ba. Shugaba zai ce "gwamnatina", amma jama'a za su ce "gwamnatin nan tamu ce".

Akwai kuma kishiyar wannan. An saba gaya wa yara cewa duk sunan da ya ƙare da a mace ne. Galibi haka ne, amma gida da ruwa da nama da suna da wata da guga duk maza ne, ga uba da zakara da ba sa bukatar shaida. Watan Azumi muke cewa, wata na tara. Wanda ya dogara da wasalin ƙarshe kaɗai zai rubuta "suna ta biyu", kunnen Bahaushe kuwa ba zai yarda ba.

Gwajin da na fi amincewa da shi mai sauƙi ne. Ka ware kalmar ita kaɗai, ka sa mata ne ko ce. Kwaleji ce, gwamnati ce, asibiti ne, banki ne. In ce ta zauna, ta za ka rubuta. In ne ya zauna, sai na. In har yanzu kana shakka, gwada wani da wata, ko ka sa kalmar ta yi aiki: gwamnati ta ce, banki ya rufe. Ƙamus ma yana raba gardama. Tun ƙamusun Bargery na 1934 ake nuna jinsin suna a gaban kalma, kuma sunan Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda ya fito a 2006, shi kansa darasi ne: jami'a mace ce, amma na ɗin ya tsallake zuwa ƙamus.

Wannan tsallake shi ne inda aikin yake da daɗi, shi ne kuma inda rubutun jarida ya fi yin tuntuɓe. Idan sunaye suka jeru kamar raƙuman ayari, hannu yakan so ya daidaita harafin da kalmar da ke kusa. Duba Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ƙare a 1945. Kalmar da ke dab da harafin ita ce duniya, mace, amma yaƙin ake ƙirgawa. Wanda ya rubuta "Yaƙin Duniya ta Biyu" ya ƙirƙiro mana wata duniyar da ba mu da labarinta. A Hukumar Zaɓe Mai Zaman Kanta ta Ƙasa kuwa, ta ɗin ya tsallake kalmomi huɗu, har da zaɓe wanda yake namiji, ya koma kan hukuma. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya bi ta kan koyarwa ya isa asibiti. Inda suna ɗaya ne tak ba a samun matsala: Jamhuriya ta Biyu ta Alhaji Shehu Shagari, daga 1979 zuwa 1983, ko Sarauniya Elizabeth ta Biyu da ta ziyarci Kano da Kaduna a 1956.

Wani lokaci duka biyun daidai ne a nahawu, sai dai kowanne da maganar da yake yi. Ɗauki wannan jimla: "Ɓarayi sun fasa ɗakin matarsa ta biyu." Mutumin nan yana da mata biyu ko fiye, kuma amarya aka yi wa ta'adi. Yanzu canza harafi ɗaya: "Ɓarayi sun fasa ɗakin matarsa na biyu." Nan matar tana iya zama ita kaɗai ce a gidan, ɗakuna ne take da su biyu. A takardar rabon gado ko ƙarar da aka shigar gaban alƙali, wannan harafi guda zai iya haɗa 'yan uwa faɗa. Haka "shugaban jam'iyya na ƙasa" yake nufin mutumin da ke sama da shugabannin jihohi, alhali "shugaban jam'iyya ta ƙasa" yana iya zama shugabanta na ƙaramar hukuma kawai, jam'iyyar ce ta game ƙasa. Saboda haka kafin ka sa harafin, tambayi kanka: wa nake siffantawa, ɗakin ko matar?

Rubutu ya fi magana bukatar wannan kulawa, saboda rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. A baki, karin murya yana bambanta mata guda da mata da yawa. A takarda kuwa baƙaƙensu ɗaya ne, nasaba ce kaɗai ke raba su: matar Audu, matan Audu. Haka ma'aikata. Ma'aikatar Lafiya ta Jiha ofis ce mai kwamishina, ma'aikatan lafiya na jiha kuwa mutane ne masu jiran albashi. In aka rubuta "ma'aikatan ilimi ta ba da sanarwa", mai karatu sai ya tsaya ya yi canke. Makarantar Alƙur'ani wuri ce, makarantan Alƙur'ani kuwa alarammomi ne. Mahautar gari da mahautan gari ma haka.

A nan ya kamata in yi wa wasu adalci. Ba duk mai cewa "motan Audu" ne ya jahilci Hausa ba. A karin harshen Zariya da na Bauchi, bambancin jinsi ya yi rauni ƙwarai, n ta mamaye wurin r, kuma a Hausar zangon Gana abin ya fi haka nisa. A yamma kuwa, wajen Sakkwato da Katsina har zuwa cikin Nijar, jinsi yana nan daram, sai dai r ɗin kan narke cikin baƙin da ke biye, a ji rigas sarki, abin da ake ji a bakin Kanawa ma in magana ta yi sauri. Kowa da Hausar da ya sha a nono, ba kuma abin kunya ba ne. Amma daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina bisa karin Kano, ita ce ta littafi da jarida da jarrabawa, kuma ita rigar sarki take rubutawa, kamar yadda take rubuta gidan Bala ko da baki ya furta gidam Bala. Ra'ayina shi ne marubucin labari ya bar Bazazzagin cikin labarinsa ya yi magana da Zazzaganci, amma muryar mai ba da labarin ta tsaya kan ƙa'ida.

Kada kuma a ɗauka duk ta ɗin da aka gani nasaba ce. A sunan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ta ɗin wakilin suna ne mai jan aiki, irin na "Binta ta zo". Hanyar ganewa ita ce duba abin da ke biye: in aiki ne kamar fi ko zo, wakilin suna ne, in suna ne ko adadi, nasaba ce. A "kotu ta biyu ta sake shi" ga su nan duka, kowacce da aikinta.

Na sake bi ta rumfar mai allon nan bayan mako guda. Ya shafe n ɗin ya sa t, amma ya ce fentin da ya ƙara a kaina yake, tunda ni na ja. Na biya. Kai kuma mai karatu, in ka fita gobe, ɗaga kai ka karanta allunan makarantu da asibitocin unguwarku, ka gwada kowanne da ne da ce.