Wutsiyar Adireshi Da Ke Faɗin Inda Baƙo Ya Fito

A ce mai sayar da turaren wuta tana da shafin intanet, ta kuma saita manhaja irin Buffer tana wallafa mata talla da kanta a Facebook, safe da dare. A ƙarshen wata ta ga baƙi sun ƙaru a shafin, sai dai ba ta san tallar da ta kawo su ba. Wasu ma Google Analytics ya zuba su a rukunin Direct, kamar da hannu suka rubuta adireshin, domin ba kullum manhajojin waya ke sanar da shafi inda mutum ya fito ba.

Maganin wannan shi ne a ɗaura wa adireshin wutsiya, wadda ake kira UTM. Sunan ya samo asali ne daga kamfanin Urchin, wanda Google ya saya a 2005. Ga yadda adireshin tallarta ta safe zai kasance:

```
https://example.com/turare?utm_source=facebook&utm_medium=social&utm_campaign=sallah&utm_content=safe
```

Alamar tambaya ce ke buɗe wutsiyar, alamar & kuma tana raba gaɓoɓinta. Gaɓar farko ta faɗi dandalin, ta biyu ta faɗi irin hanyar, ta uku sunan tallar, wato ta Sallah. Ta huɗu ce ke raba gardama: a tallar dare sai a cire safe a sa dare. Shafi ɗaya dukansu za su buɗe, amma rahoto zai ware su, ta ga wacce ta fi jawo mutane. A cikin manhajar wallafawa ake saita wannan, ba sai an riƙa rubutawa kullum ba.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wajen rubutu. A wurin Google Analytics, Facebook daban ne, facebook daban, don haka dandali ɗaya sai ya rabu gida biyu a rahoto. A tsaya kan ƙananan haruffa, kada a bar tazara, a kuma ajiye jerin sunayen a wuri guda. Wani lokaci kuma shafin ne ke tura baƙo zuwa sabon adireshi, wutsiyar ta faɗi a hanya. Idan kun latsa adireshin kuka ga ta ɓace bayan shafi ya buɗe, rahoto ma bai nuna sunan tallar ba, to a nan matsalar take.

Wutsiyar tana da iyakarta. Idan wata ta kwafi adireshin daga Facebook ta tura wa zauren danginta a WhatsApp, duk wanda ya latsa za a lissafa shi a matsayin baƙon Facebook. Kuma duk wanda ya latsa yana iya karanta wutsiyar, saboda haka ba a sa sunan mutum ko lambar wayarsa a ciki. Kafin ku bar manhaja ta ci gaba da wallafawa ita kaɗai, ku latsa adireshin da wayarku, ku duba rahoton Realtime, ku tabbatar ziyararku ta bayyana da sunan tallar.