Garaɓasar Filaye ta Ƙarshen Shekara: Tallar da Ba ta Ɓoye Takarda da Lissafi

Daga tsakiyar Nuwamba har zuwa jajiberin sabuwar shekara, gidajen rediyo da allunan bakin titi a Kano da Kaduna da Abuja cika suke yi da tallar filaye. "Garaɓasa! Mallaki fulotinka da dubu ɗari shida kacal!" "Takardu cikakku, ba rigima!" Wasu kamfanonin har da alkawarin buhun shinkafa ga wanda ya fara biya. Dalilin zaɓen wannan lokaci a bayyane yake: manomi ya sayar da amfanin gona, ɗan kasuwa yana neman inda zai adana ribar shekara, waɗanda ke zaune a waje sun dawo gida hutu da ɗan abin hannu, shi kuma mai fili yana son rufe littafinsa da ciniki.

Rangwame a kansa ba laifi ba ne. Rigimar da ke kai mutane gaban alƙali a shekara mai zuwa yawanci daga wurare biyu take fitowa: abin da talla ta ce game da takarda, da abin da ta yi shiru a kai game da biya.

A Nijeriya kalmar "takarda" jaka ce mai ɗaukar abubuwa masu bambancin nauyi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, don haka abin da mutum yake riƙewa haƙƙin zama ne da amfani. A cikin birni gwamna ne ke bayar da wannan haƙƙi, kuma satifiket ɗin da ke shaidar sa na gidan zama yakan kasance na shekara 99. A karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da haƙƙin zama na gargajiya. Ƙasa da waɗannan akwai takardar ciniki da aka rubuta a gaban dagaci ko mai unguwa da shaidu, wadda ita ce kaɗai abin da yawancin filayen awon igiya suke da shi. Takardar dagaci tana nuna an yi ciniki, kuma tana da amfaninta, amma ba ta hana hukumar tsara birni zuwa ta ce titi ne ya bi ta nan. Takardar safiyo kuwa iyaka da girman fili take nunawa, ba ta tabbatar da mai shi ba.

Saboda haka mai talla da ya ce "takardu cikakku" bai faɗi komai ba tukuna. Magana ta gaskiya takan kira takardar da sunanta, ta faɗi hukumar da ta bayar, da sunan wanda ke jiki, da lambar fayil.

Akwai wani tarko da ko masu niyyar kirki sukan faɗa. Kamfani ya sayi gona babba, ya samu satifiket guda ɗaya da sunansa a kan gonar gaba ɗaya, ya yanka ta fuloti-fuloti, sai ya rubuta a allo: "Kowane fuloti da satifiket." Mai saye ya ɗauka ran da ya gama biya za a miƙa masa satifiket da sunansa. Abin da zai karɓa a zahiri takardar sallama ce daga kamfani. Kafin ta zama mallaka mai ƙwari sai hukuma ta amince da yankan, sai kuma an samu amincewar gwamna, domin sashe na 22 na dokar ya hana mai haƙƙin da gwamna ya bayar ya sallama shi ga wani ba tare da wannan amincewa ba. Wannan mataki yana cin kuɗi da lokaci, kuma talla mai gaskiya takan faɗi wanda zai ɗauki nauyinsa. Haka nan idan an shigar da buƙata kawai, sai a ce "an nema a watan kaza, ba a ba mu ba tukuna," a bar kalmar "yana kan hanya," tunda ba mai sayarwa ba ne zai sa hannu.

A Abuja abin ya fi tsanani. Ikon ba da fili a Babban Birnin Tarayya yana hannun ministan birnin, kuma takardar sarkin ƙauye ba ta tsaya a madadin nasa. A 2012 hukumomin birnin suka rushe ɗaruruwan gidaje a wani rukuni a Lugbe, kan hanyar filin jirgi, bisa saɓani kan sahihancin rabon filin, alhali mutane da yawa sun riga sun zuba kuɗinsu. Shi ya sa lambar fayil ta fi kowane kirari daraja a cikin talla: da ita mai saye zai je AGIS a Abuja, ko KADGIS a Kaduna, ko KANGIS a Kano, ya biya kuɗin bincike, ya ga ko sunan ya dace, ko an jinginar da filin a banki.

A ƙaddara wani mai sayarwa yana da fuloti 40 a wajen Kano, kowanne ƙafa 50 a 100, wato kimanin murabba'in mita 465. Duk tsawon shekara yana sayar da ɗaya naira miliyan 3. A Disamba ya sauke zuwa 2,700,000 ga mai biya nan take. Mai son biya kaɗan-kaɗan zai ba da kafin alƙalami 600,000, sannan 220,000 duk wata har wata 12. Bayan wannan akwai kuɗin safiyo 150,000, da na rubuta takardar sallama 100,000, da na share hanya da magudana 250,000.

Wannan shi ne filin da allo zai kira "fuloti da dubu ɗari shida kacal." A buga lissafin: wata 12 sau 220,000 ya ba da 2,640,000, a haɗa da kafin alƙalami ya zama 3,240,000. Ke nan mai biya kaɗan-kaɗan ya ɗara mai biya nan take da 540,000, kashi 20 cikin ɗari. A ƙara 500,000 na safiyo da takarda da hanya, sai kuɗin da zai fita daga aljihunsa ya kai 3,740,000, fiye da ninki shida na adadin da ya gani a allo. Babu lamba ɗaya ta ƙarya a tallar, amma mutumin da ya shiga saboda ita bai san girman abin da ya ɗauka ba.

Ga yadda wannan garaɓasa za ta fito da gaskiyarta:

"Rangwamen Disamba: fuloti ƙafa 50 a 100, da naira 3,000,000 yanzu 2,700,000 ga mai biya nan take, daga 1 zuwa 31 ga wata. Biya kaɗan-kaɗan: 600,000 da farko, sai 220,000 duk wata har wata 12, jimilla 3,240,000. Safiyo da takarda da gyaran hanya 500,000 ne daban, kuma babu wani kuɗi namu bayan wannan. Gonar tana da satifiket guda da sunan kamfaninmu. Ga lambar fayil, a je a bincika kafin a biya. Mai saye zai karɓi takardar sallama idan ya gama biya, neman amincewar gwamna da sunansa kuma yana wuyansa. Ana zuwa ganin fili kowace Asabar."

Karanta ta a rediyo bai fi minti ɗaya ba. Ba ta rasa jan hankali ba, tunda ragin 300,000 yana kan gaba. Bambancin shi ne ragin na gaske ne, kashi 10 cikin ɗari daga farashin da aka yi ciniki a kansa a watannin baya, wanda rasitai za su tabbatar. Wanda ya ɗaga farashi zuwa miliyan 5 a Oktoba don ya yi shelar ragi mai tsoka a Disamba, dillalan unguwa ne za su fara tona shi, domin sun san nawa aka sayar da na kusa.

Saura tambayar da masu talla suka fi gudu: idan mai saye ya kasa ci gaba fa? Albashi yakan makara, kasuwa takan tsaya. Allo ba zai ɗauki dukan sharuɗɗa ba, amma abubuwa uku ya kamata mutum ya gani a rubuce kafin ya ba da sisi. Na farko, kwana nawa ake ɗaga masa ƙafa. Na biyu, idan aka warware ciniki nawa za a mayar masa, kuma cikin wata nawa. Idan a misalin nan ana cire kashi 10 cikin ɗari, wanda ya biya kafin alƙalami da wata biyar ya zuba 1,700,000, za a riƙe 170,000, a mayar masa 1,530,000. Na uku, yaushe za a nuna masa fulotinsa da lamba da turaku: tun ranar kafin alƙalami, ko sai ya kammala? Inda ba a ware fuloti ba, nan ne ake sayar wa mutum biyu wuri ɗaya, ko a tura wanda ya gama biya can ƙarshen gona kusa da kwari.

Ga masu saye Musulmi waɗannan sharuɗɗa suna taɓa halaccin cinikin kansa. Mafi yawan malamai sun halatta farashin ajali ya ɗara na hannu, muddin an tsayar da farashi ɗaya a lokacin ƙulla ciniki. Ƙara wa mutum kuɗi a kan bashin saboda ya makara kuwa riba ce. Kafin alƙalamin da mai kaya zai cinye idan an fasa, Imamu Malik bai yarda da shi ba, ko da yake Hambalawa sun halatta. Mai sayarwa da ya rubuta "farashi ba ya ƙaruwa har a gama biya, kuma babu tarar jinkiri," in dai haka tsarinsa yake, ya amsa tambayar da mutane da yawa za su kai wa malaminsu.

Dokar ƙasa ma tana da hannu a ciki. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta haramta bayanin ƙarya ko mai ruɗarwa wajen tallata kaya. Dokar 2022 da ta kafa hukumar kula da tallace-tallace, ARCON, ta wajabta a tantance talla kafin a fitar da ita. Wanda kuwa ya karɓi kuɗi a kan filin da ya san ba nasa ba ne, ya shiga hurumin dokar zamba ta 2006, inda EFCC ke gurfanar da mutane. Kalmomi irin su "saura fuloti biyar" alhali saura talatin, ko "minti goma daga gari" alhali sai an yi tafiyar rabin awa, duk bayanai ne da za a iya aunawa, kuma mai saye da ya ajiye hoton allon yana da shaida a hannu.

Kafin talla ta tafi wurin mai bugawa, tantance ta aiki ne na yamma ɗaya. Mai fili ya ajiye rubutun tallar, da kwafin satifiket, da yarjejeniyar da mai saye zai sa wa hannu, ya bi su layi-layi tare da lauyansa. Sunan takarda ya zama ɗaya a duka ukun, jimillar kuɗi ta zama ɗaya, girman fuloti ya dace da na safiyo. Sannan a raba wa dillalai wannan rubutu ɗin, a gaya musu la'adarsu tana kan abin da ke ciki, domin alkawarin da dillali ya ƙara da bakinsa a bakin fili, a ofishin mai fili za a zo neman cika shi a watan Janairu.